Gari Mafi Kuɗi a Amurka, Ma'aikatansa Kuwa a Bayan Dutse Suke Kwana

Da wayewar garin Asabar, 8 ga watan Yuni na 2024, wani ɓangare na hanyar da ta haura dutsen Teton Pass a yammacin jihar Wyoming ta Amurka ya zaftare, ya gangara cikin kwari da kwaltarsa da komai. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, domin hanyar a rufe take a lokacin. Kwana biyu kafin nan wani mai babur ya faɗi a daidai wurin saboda tsagewar da kwalta ta yi, daga baya kuma laka ta rufto a wani wuri daban aka tsayar da motoci. Amma da hanyar ta yanke, sai garin Jackson da ke gabashin dutsen ya shiga wani hali. Dubban mutanen da ke yi masa aiki, ma'aikatan jinya da malaman makaranta da masu dafa abinci da magina da masu gyaran ɗakunan otal, gidajensu na can yamma da dutsen, a garuruwan Victor da Driggs na jihar Idaho. Tafiyar da suka saba yi cikin minti talatin zuwa arba'in ta koma zagaye mai nisa ta garin Alpine, wanda ke ƙara musu fiye da awa guda a zuwa, fiye da awa guda a dawowa. Sai da aka kwashe kusan mako uku kafin a buɗe hanyar wucin gadi.

To, ga abin da ke ɗaure kai. Jackson shi ne babban garin gundumar Teton, wadda matsayinta kamar na ƙaramar hukuma yake a wajenmu, mai mutane dubu 23 da 'yan kai. Ofishin nazarin tattalin arziki na gwamnatin tarayyar Amurka, wato BEA, yana fitar da lissafin kuɗin shigar kowace gunduma duk shekara, kuma shekara da shekaru Teton ce ke zuwa ta ɗaya cikin gundumomi fiye da dubu uku. A lissafin 2022, kuɗin shiga na kowane mutum ɗaya a Teton ya haura dala dubu 400 a shekara. Na ƙasar baki ɗaya a wannan shekarar wajen dala dubu 65 ne. Ko Manhattan ta birnin New York, cibiyar bankuna da kasuwar hannun jari, wajen rabin na Teton take da shi.

Kowane mutum fa aka ce, har da jariri a goye. Idan maganar ta zauna yadda kunne ya ji ta, miji da mata da 'ya'ya biyu suna samun dala miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ke nan a shekara. To me zai sa ma'aikaciyar jinya a irin wannan gari ta kasa kama hayar ɗaki kusa da asibitinta, har sai ta tsallaka dutse cikin dusar ƙanƙara ta kwana a wata jiha? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Akwai wani adadi na biyu, shi ma daga gwamnati ɗaya. Hukumar ƙidaya ta Amurka tana bin gidaje tana tambayar abin da suke samu, kuma a kiyasinta na shekarun da suka ƙare a 2022, gidan da ke tsaka-tsaki a gundumar Teton yana samun dala dubu 100 da 'yan kai a shekara. Kuɗi ne mai kyau, ya ɗara na ƙasar baki ɗaya da ke wajen dubu 75, amma ina aka je ina aka dawo tsakaninsa da dubu 400? Gari ɗaya, shekara kusan ɗaya, ofisoshi biyu na gwamnati ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sai mu bi sawu mu ga inda suka rabu.

Zargin farko da zai zo wa mutum shi ne cewa ba abu ɗaya aka auna ba, tunda wancan na mutum ɗaya ne, wannan kuwa na gida guda. Gaskiya ne. Amma wannan bambancin ƙara tsananta matsalar yake yi. Gida ya ƙunshi mutum fiye da ɗaya, saboda haka kamata ya yi adadin gida ya fi na mutum ɗaya girma. A Amurka ana samun wajen mutum biyu da rabi a kowane gida idan aka baje. Idan muka ninka dubu 400 sau biyu da rabi, dala miliyan ɗaya za mu samu a kan kowane gida. Ratar da muka ɗauka ninki huɗu ce, ashe ta kusa ninki goma.

Zargi na biyu ya fi na farko ƙarfi. Ofisoshin biyu ba su yarda a kan abin da ake kira kuɗin shiga ba. Hukumar ƙidaya tsabar kuɗin da ta shigo hannun mutum take tambaya: albashi, ribar sana'a, fansho, kuɗin haya, kuɗin ruwa, ribar hannun jari, kuma abin da mai gida ya faɗa shi take rubutawa. BEA kuwa ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa, daga takardun haraji da bayanan ma'aikatu yake haɗa nasa, kuma yana zuba abubuwan da mutum bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. Kuɗin da ma'aikata ke biya wa ma'aikaci na inshorar lafiya da na fansho yana ciki. Kuɗin da gwamnati ke biya wa tsofaffi da marasa ƙarfi na magani yana ciki. Har wanda ke zaune a gidan kansa ana ƙiyasta masa wata riba, kamar dai ya ba wa kansa haya. Dole lissafin BEA ya fi kumbura.

Amma nawa ne kumburin? Ana iya gane wannan idan aka dubi ƙasar baki ɗaya, inda ofisoshin biyu duk suke ba da adadin mutum ɗaya. Na BEA wajen dubu 65, na hukumar ƙidaya wajen dubu 41. Wato bambancin ma'ana yana ƙara wajen rabi a kan kowace dala, ko sama da haka kaɗan. Idan muka yi lissafin kan-tsaye muka zabtare wannan kumburin daga miliyan ɗayan nan, abin da zai rage ya haura dubu 600. Har yanzu akwai ninki shida tsakaninsa da dubu 100 da 'yan kai. Zargi na biyu ya ci wani abu daga cikin ratar, amma mafi yawanta na nan daram.

Sai mu koma kan yadda aka fitar da kowane adadi, domin a nan gizo yake saƙa. Na BEA raba-daidai ne: a tara kuɗin da duk mazauna gunduma suka samu wuri ɗaya, a raba da yawan mutane. Na hukumar ƙidaya kuwa tsakiyar sahu ne: a jera gidaje daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, a je kan wanda ke tsakiya, wanda rabin gidaje ke bayansa rabi ke gabansa, a tambaye shi nawa yake samu. A bakin mai karanta labarai duka biyun matsakaici ne, amma tambayoyi biyu suke amsawa. Raba-daidai yana faɗin abin da kowa zai samu da a ce an yi rabo. Tsakiyar sahu yana faɗin abin da na tsakiya yake samu a yanzu da ba a yi rabon ba.

Bari mu ƙirƙiri wata unguwa ta misali mai gida goma sha ɗaya, don mu ga abin da idonmu. Ga abin da kowane gida ke samu a shekara, da dubban daloli, a jere: 38, 45, 52, 60, 70, 85, 95, 110, 130, 160, 200. Idan aka tara, 1,045 ne. A raba gida goma sha ɗaya, kowa ya tashi da 95. Na tsakiya kuwa shi ne gida na shida, biyar a hagunsa biyar a damansa, kuma 85 yake samu. Tsakanin 95 da 85 babu abin faɗa. A irin wannan unguwa, kowanne ka ɗauka ka faɗi gaskiya.

Yanzu sai mai 200 ɗin nan ya sayar da gidansa ya tashi, wani attajiri ya saya, wanda hannayen jarinsa ke kawo masa dala miliyan biyar a shekara, wato 5,000 a ma'auninmu. Babu wanda aka ƙara wa albashi a cikin sauran gidaje goma. Mai 38 na nan da 38 ɗinsa. Amma jimilla ta koma 5,845, idan kuma aka raba goma sha ɗaya sai a sami 531 da ɗoriya. Dare ɗaya raba-daidai ya tashi daga 95 zuwa 531. A duba jerin da kyau: babu gida ko ɗaya da ke samun abin da ya yi kusa da 531. Gida goma suna can ƙasa da shi, mafi girmansu 160, gida ɗaya kuma yana can sama da shi da nisan gaske. Adadin ya faɗa cikin fili, inda babu kowa. Tsakiyar sahu fa? Gida na shida bai motsa ba, 85 ne jiya, 85 ne yau. Ko da kasuwa ta yi wa attajirin kyau baɗi ya sami miliyan goma, raba-daidai zai doshi 986, wani ma ya buga a jarida cewa arzikin mutanen unguwa ya kusa ninkawa, na tsakiya kuwa yana nan a kan 85.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. A raba-daidai kowace dala ce ke da murya, don haka mai dala miliyan biyar muryarsa ta fi ta sauran gidaje goma a haɗe har kusan sau shida. A tsakiyar sahu kowane gida ne ke da murya, ɗaya tak, ko yana da sisi ko yana da biliyan. Abin da ake bukata daga attajiri shi ne ya tsaya a ƙarshen sahu, nisan da ya yi bai dami lissafin ba. Wanda ke da kwamfuta ko waya mai manhajar lissafi zai iya gwadawa da kansa: ya zuba lambobin nan goma sha ɗaya daga sama zuwa ƙasa, daga A1 zuwa A11, sannan a gefe ya rubuta waɗannan biyun, na sama raba-daidai, na ƙasa tsakiyar sahu.

```
=AVERAGE(A1:A11)
=MEDIAN(A1:A11)
```

Ya yi ta sauya lambar ƙarshe yana kallon wanda ke tsalle da wanda ke zaune.

Wannan dai unguwar da muka ƙirƙira ce. Shin haka abin yake a Teton? Sai an kawo shaida, domin ba duk inda adadi biyu suka saɓa ba ne za a ɗora wa attajirai laifi. Shaidar farko tana cikin lissafin BEA ɗin kansa, domin yana rarraba kuɗin shiga gwargwadon inda ya fito. A yawancin gundumomin Amurka, albashi da ladan aiki ne kaso mafi girma. A Teton kuwa fiye da rabin kuɗin daga ribar hannun jari da kuɗin ruwa da haya yake fitowa. Mai wanke kwanuka a otal ba ya samun ribar hannun jari ta a zo a gani. Irin wannan kuɗi a hannun 'yan tsiraru yake taruwa, kuma ba a Jackson aka samar da shi ba. Kamfanin yana can wata jiha ko wata ƙasa, amma BEA yana rubuta ribar a gundumar da mai hannun jarin ya ce nan ne mazauninsa.

Shaida ta biyu ta fi fitowa fili. A 2018 wata cibiyar bincike da ke Washington, Economic Policy Institute, ta fitar da rahoton da Estelle Sommeiller da Mark Price suka rubuta, inda suka yi amfani da bayanan haraji na 2015 suka kwatanta kashi ɗaya cikin ɗari na sama da sauran kashi 99 a kowane yanki na Amurka. Yankin Jackson ne ya zo na ɗaya a rashin daidaito. Iyalan da ke cikin kashi ɗayan nan, idan aka baje, kowanne na samun wajen dala miliyan 16.2 a shekara. Sauran kashi 99 kuwa wajen dala dubu 122. Ninki 132 ke nan.

Mu yi lissafin da kanmu, domin a nan ne komai ke bayyana. A ɗauki iyali ɗari. Casa'in da tara, kowanne da dubu 122, sun tara dala miliyan 12 da 'yan kai. Iyali ɗayan da ya rage shi kaɗai yana da miliyan 16.2. Jimilla miliyan 28 da dubu ɗari uku, kusan. A raba ɗari, sai a ce kowane iyali yana samun wajen dala dubu 283. Iyali ɗaya ya ɗauki kashi 57 cikin ɗari na duk kuɗin, ya kuma ja raba-daidai ya ninka shi fiye da sau biyu. A lura kuma, dubu 122 ɗin nan ma raba-daidai ne na iyali 99, a cikinsu akwai likitoci da lauyoyi da masu otal da ƙananan attajiran da ba su kai shiga kashi ɗaya ba, su ma suna jan nasu adadin sama. Iyalin da ke tsakiyar sahu yana ƙasa da haka. Shekarar ta bambanta da ta BEA, hanyar lissafin ma ta bambanta, don haka lambobin ba za su hau kan juna daidai ba. Amma siffar ɗaya ce da ta unguwarmu ta misali.

Saura tambaya ɗaya a wannan gaɓar. New York da Kalifoniya sun fi Wyoming yawan attajirai nesa ba kusa ba, me ya sa ba su ne kan gaba ba? Amsar ita ce ƙanƙantar mai rabawa. A gunduma mai mutum dubu 23, idan mutum ɗaya mai samun dala miliyan 230 a shekara ya ƙaura ya shigo, raba-daidai na kowane mutum ya ƙaru da dala dubu goma nan take. Wannan kuɗin dai, idan aka raba shi ga mutanen Amurka fiye da miliyan 330, ko dala ɗaya ba zai kai ba. Babban birni yana haɗiye attajiransa cikin miliyoyin talakawa da masu matsakaicin hali. Ƙaramin gari ba shi da cikin da zai haɗiye su.

Su kuma attajiran ba su zo don Allah ba. Wyoming ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga mutum, ba ta kuma karɓar harajin gado, don haka wanda ya mayar da mazauninsa can daga Kalifoniya ko New York ya tsira da maƙudan kuɗi duk shekara. Ga kyan wuri: gandun Grand Teton na ƙofar gari, Yellowstone na arewa da shi, ga duwatsun wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A nan ne ma shugabannin manyan bankunan ƙasashe ke taruwa duk watan Agusta, taron da aka sani da sunan Jackson Hole. Sannan wajen kashi 97 cikin ɗari na ƙasar gundumar mallakar gwamnati ce, gandun daji da makiyayar namun jeji, ba a gini a ciki. Ɗan abin da ya rage shi kowa ke rububi, kuma idan mai miliyan 16 da mai dubu 85 suka nemi fili ɗaya, an san wanda zai tafi da shi. Farashin gida na zaman iyali a Jackson miliyoyin daloli ake magana. Wani masanin zamantakewa na jami'ar Yale, Justin Farrell, wanda ɗan Wyoming ne, ya rubuta littafi guda a kan wannan zama na attajirai da masu yi musu hidima, Billionaire Wilderness, a 2020.

Idan haka ne, ga wanda ke son sanin yadda mutumin gari yake rayuwa, tsakiyar sahu ne abin riƙewa, kuma ina ganin babu gardama a kan wannan. Akwai ma wata fa'idarsa da ba a cika ambata ba. Attajirai su ne mafi wuyar samu a wajen mai tambayar gida-gida: ƙofa a rufe, mai gida na tafiya, idan ma ya amsa, ba lallai ya faɗi duka ba, wani ma shi kansa bai san adadin ba sai ya tambayi akawunsa. Raba-daidai yana bukatar a san kuɗin attajiri daidai, kuskure kaɗan a kansa ya ɓata lissafin gari duka. Tsakiyar sahu bai bukaci haka ba. Ko ya ce miliyan ɗaya alhali goma ne, matsayinsa a sahu bai canza ba, na tsakiya ma bai canza ba.

Yaya mutum zai gane cewa raba-daidai ya fara yaudara, idan ba shi da rahoton masana a hannu? Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye adadin biyu gefe da gefe, matuƙar daga jeri ɗaya suka fito. A kuɗin shiga kusan kullum raba-daidai ne a sama, domin samu yana da iyaka ta ƙasa amma ba shi da ta sama. A Amurka baki ɗaya a 2022, gidan tsakiya na samun dala 74,580, raba-daidai kuwa dala 106,400, wato ya ɗara shi da wajen kashi 43 cikin ɗari. Wannan ma rata ce, amma idan aka ga ninki biyu ko uku a ƙaramin gari, to a nemi manyan gidajen da ke bayan katanga. Hanya ta biyu, idan jerin na hannu, a cire na sama guda ɗaya a sake lissafi. A unguwarmu, idan aka cire attajirin, raba-daidai ya faɗo daga 531 zuwa 84 da rabi. Na tsakiya kuwa, tunda gidaje sun koma goma kuma babu guda ɗaya a tsakiya, sai a haɗa na biyar da na shida a raba biyu, a sami 77 da rabi. Wancan ya rushe, wannan ya ɗan gusa. Adadin da mutum ɗaya zai iya rusawa ba ya wakiltar jama'a.

Kada kuma a ce raba-daidai ba shi da amfani. Wanda ke son sanin jimillar kuɗin da ke gari, kamar jami'in haraji ko bankin da ke tunanin buɗe reshe don ajiyar manya, shi raba-daidai ne nasa, domin idan ya ninka shi da yawan mutane zai dawo da jimilla. Tsakiyar sahu ba ya yin haka: 85 sau goma sha ɗaya 935 ne, alhali kuɗin unguwar 5,845 ne. Haka nan ba a haɗa tsakiyar sahun unguwanni biyu a raba biyu a ce an sami na gari, sai an sake jera gidajen duka a sahu guda. Kuma kurumtar da ta sa bai jin hayaniyar attajiri ita ce ke hana shi jin kukan talaka. A unguwarmu, idan gidaje ukun ƙasa suka rasa rabin samunsu, mai 38 ya koma 19, tsakiyar sahu zai ce 85, lafiya lau. Shi ya sa mai son sanin halin na ƙasa sai ya tambayi wani abu daban, kamar yawan waɗanda ke ƙasa da layin talauci, ko abin da gidan da ke kashi goma na ƙarshen sahu yake samu.

Da wannan, da mun ce an gama, amma akwai wani zare da ya rage, kuma shi ne ya fi damuna. Dala dubu 100 da 'yan kai ba talauci ba ne, ko a Amurka. Idan rabin gidajen Teton na samun sama da haka, to ina masu dafa abincin da masu gyaran ɗakunan suke a cikin wannan sahu? Amsar ita ce da yawansu ba sa cikinsa. Hukumar ƙidaya inda mutum yake kwana take ƙirga shi, ba inda yake aiki ba. Wanda tsadar haya ta kora zuwa Victor ko Driggs ko Alpine ya fita daga sahun Teton ta Wyoming, ya shiga na wata gunduma. Kuma duk lokacin da aka cire mutum daga ƙasan sahu, tsakiya gaba take matsawa. A gwada da unguwarmu: idan gidaje biyun ƙasa, mai 38 da mai 45, suka kasa biyan haya suka tashi, saura gida tara, na tsakiya ya koma na biyar, wato mai 95. Tsakiyar sahu ya tashi daga 85 zuwa 95 ba tare da an ƙara wa kowa ko sisi ba. Mai duba takarda zai ce gari na ci gaba.

Akwai kuma batun cunkoso. Gida a lissafin hukumar ƙidaya shi ne duk waɗanda ke zaune a muhalli ɗaya, ko da ba dangi ba ne. Idan ma'aikatan otal biyar, kowanne da dala dubu 30, suka matsu a gida ɗaya saboda babu mai iya biyan haya shi kaɗai, a takarda gida ne mai samun dubu 150, can gaba da tsakiyar sahu. Ƙunci ne ya haɗa su, lissafi ya rubuta shi a matsayin wadata.

Saboda haka tsakiyar sahu ya fi raba-daidai kusa da gaskiyar Jackson nesa ba kusa ba, amma gaskiyar waɗanda suka iya zama yake faɗa. Mu ma a nan, duk lokacin da aka ce a rediyo kuɗin shigar kowane ɗan ƙasa ya kai dala kaza, raba-daidai ne ake karanta mana, arzikin ƙasa aka raba da yawan jama'a a kan takarda. Ga 'yan jarida da masu fassara labarai musamman: idan adadi irin wannan ya zo teburinku, kada ku saki kalmar matsakaici haka nan. Ku nemi sanin ko rabawa aka yi ko jerawa, da kuma su wa aka saka a sahun, sannan ku faɗa wa mai sauraro a cikin jimlar da kuka ba shi adadin.